Ya yi aikin ƙarin lokaci, albashinsa ya ragu: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ma'aikata shida ne a ƙarƙashina, ni nake haɗa jadawalin albashinsu a Excel. A wannan watan ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarin lokaci na awa goma, amma da na gama lissafi sai abin da zai karɓa ya yi ƙasa da na watan jiya da bai yi ko awa ɗaya ba. Yana ganin cutarsa nake yi, sauran kuma sun ce ba za su ƙara tsayawa bayan tashi ba. Wani da ke taimaka mana da takardu ya ce haka haraji yake, ya haye matakin sama ne, gara in riƙa ba su kuɗin ƙarin lokaci a hannu ba tare da ya shiga jadawali ba. In yi hakan? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kada ka biya kowa albashin wannan watan da wannan jadawalin, kuma kada ka bi waccan shawarar. Ma'aikacinka yana da gaskiya: an cire masa fiye da ƙima, ko da ba da niyya ba. Kuma abin da ya fi wannan ciwo, da wuya a ce shi kaɗai ne, da wuya kuma a ce wannan watan aka fara. Ƙarin lokacin ne kawai ya tona asirin fomular.

Ƙasashe sun bambanta a kason haraji, da kason fansho, da ninkin kuɗin ƙarin lokaci, don haka alƙaluman da zan yi amfani da su na misali ne. Ka cire su ka sa na dokar inda kake, tsarin lissafin ba zai canza ba.

Mu ɗauka ma'aikacin yana da albashin asali na 130,000 a wata, da alawus na 25,000. Yana aiki awa 40 a mako. Ana cire masa fansho kashi 5 cikin 100 na albashin asali, kamfani yana ƙara kashi 8 daga aljihunsa. Matakan harajin wata kuma haka suke: 50,000 na farko babu haraji, daga nan zuwa 150,000 kashi 10, daga nan zuwa 300,000 kashi 20, abin da ya haura haka kashi 25.

Kuɗin awa shi ne farkon abin da ake samun saɓani a kai. Wata ba mako huɗu ba ne. Mako 52 ne a shekara, idan ka ninka da awa 40 ka samu awa 2,080, ka raba gida 12 ka samu awa 173.33 a wata. Albashin 130,000 a kan wannan ya ba da 750 a kowace awa. Wanda ya raba da 160 zai samu 812.50, wanda ya raba albashi da kwana 30 sannan da awa 8 zai samu 541.67, ka ga ratar ba ƙarama ba ce. Abin da kwantiragin aiki ko doka ta ce shi za a bi, a rubuta shi wuri ɗaya, a daina sauya shi wata zuwa wata. Game da ninki, yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919, wadda ta shafi masana'antu, ta sa awa 8 a rana da 48 a mako, ta ce kuɗin ƙarin lokaci kada ya gaza ninki ɗaya da kwata. A Amurka, dokar da ta samo asali daga 1938 tana wajabta ninki ɗaya da rabi ga abin da ya wuce awa 40 a mako. Wasu ƙasashen sun bar wa kwantiragi. Mu ɗauki ɗaya da rabi: awa 10 sau 750 sau 1.5, ya zama 11,250.

Yanzu ga watan da babu ƙarin lokaci. Jimillar albashi 155,000. Fanshonsa 6,500. Inda doka ta yarda a cire fansho kafin haraji, kuma ƙasashe da yawa sun yarda, abin da haraji zai hau kansa 148,500 ne. Na farko 50,000 ba a taɓa shi. Saura 98,500, kashi 10 nasa 9,850. Ya tafi gida da 138,650.

Ga watan ƙarin lokaci. Jimilla ta zama 166,250. Fansho yana nan a 6,500 tunda a misalinmu kan albashin asali yake. Abin da haraji zai hau kansa 159,750. Na farko 50,000 har yanzu ba a taɓa shi. Dubu ɗari da ke biye, harajinsu 10,000. Abin da ya leƙa sama da 150,000 shi ne 9,750 kawai, shi kaɗai ne ke ɗaukar kashi 20, wato 1,950. Haraji duka 11,950, ya tafi gida da 147,800. Daga 11,250 da ya yi wa gumi, haraji ya ɗauki 2,100, ya rage masa 9,150. Ya ƙaru, bai ragu ba.

To ta yaya naka ya ragu? Ina da yaƙinin cewa idan ka danna gidan haraji za ka tarar da abu mai kama da wannan, ko kuma jerin `IF` da ke yin aiki iri ɗaya:

```
=I2*VLOOKUP(I2,Saiti!$A$8:$B$11,2,TRUE)
```

Wannan fomular tana duba matakin da kuɗin ya faɗa, ta ɗauko kason matakin, ta ninka shi da kuɗin gaba ɗaya. A watan da babu ƙarin lokaci za ta cire kashi 10 na 148,500, wato 14,850 maimakon 9,850, mutumin ya karɓi 133,650. Ba wanda zai lura, domin ba shi da abin kwatantawa. A watan ƙarin lokaci za ta cire kashi 20 na 159,750, wato 31,950 maimakon 11,950, ya karɓi 127,800. Ya yi awa goma a kan aikinsa, ya koma gida da giɓin 5,850 idan aka kwatanta da watan jiya, an kuma zaftare masa 20,000 da babu dokar da ta nema.

A nan zan daɗe, domin wannan maganar ta "ya haye matakin sama" ita ce ɓatar da ta fi kowace yawo a harkar albashi, kuma masu yaɗa ta da cikakken ƙarfin gwiwa suke faɗa. Mutum ba ya hayewa mataki. Kuɗi ne ke hayewa, kuma ɓangaren da ya haye ne kawai ake caja da sabon kaso. Ka ɗauke shi kamar bokitai huɗu da aka jera ana zuba ruwa: sai na farko ya cika ruwa ke tsallakawa na biyu, sai na biyu ya cika ya tsallaka na uku. Ɗigon da ya faɗa bokiti na uku ba ya komawa ya canza abin da ke cikin na farko da na biyu. Mai samun 60,000 da mai samun 600,000, dukansu 50,000 ɗinsu na farko babu haraji a kai, dukansu dubu ɗarin da ke biye kashi 10 ne. Shi ya sa ake kiransa haraji mai hawa-hawa.

Idan har da gaske kason sama yana hawa kan albashi duka, to da wanda abin harajinsa ya tsaya a 149,900 zai fi wanda ya kai 150,100 kuɗi a aljihu da kusan dubu goma sha biyar. Da ƙarin girma ya zama horo. Da kowane ma'aikaci mai hankali zai roƙi a rage masa albashi ya tsaya ƙasa da layi. Ba a rubuta jadawalin harajin albashi don ya haifar da haka ba, shi ya sa kusan koyaushe za ka ga an rubuta "na farko kaza", "na gaba kaza", "abin da ya haura kaza". Waɗannan kalmomin su ne umarnin lissafin. Wanda ya karanta su ya koma ya ninka kaso ɗaya da kuɗi duka, bai karanta ba, kallo kawai ya yi.

Akwai togiya guda da ya kamata in faɗa don kada in wuce gona da iri. Wasu dokokin suna da gaɓa ta gaske, misali su ce wanda samunsa bai wuce wani adadi ba an yafe masa haraji ɗungurungum, ko wani rangwame ya faɗi idan samu ya haura wani layi. A dab da irin wannan layin, ƙaramin ƙari na iya cinye kansa. Amma irin wannan a rubuce yake ɓaro-ɓaro a doka, yana da sashe da lamba, kuma yawanci a ƙasan tsani yake ko can sama. Duk wanda ya ce maka abin da ya sami ma'aikacinka ke nan, ka ce ya nuna maka sashen. Idan amsarsa ita ce "ai haka ake yi", ka gane da wa kake magana.

Abin da ke ba ni haushi da wannan jita-jitar shi ne ɓarnarta ba ta tsaya a baki ba. Ma'aikata suna ƙin ƙarin albashi saboda ita. Suna ƙin aikin ƙarin lokaci, kamar yadda naka suka yi yanzu. Masu ƙananan kamfanoni suna cire wa mutane kuɗin da ya wuce haƙƙi shekara da shekaru suna ganin bin doka suke yi. A misalinmu 5,000 ne a wata ga mutum ɗaya, 60,000 a shekara, kusan rabin albashinsa na asali na wata guda. Ka ninka da mutum shida, ka ninka da shekarun da jadawalin ya yi yana aiki. Sannan idan abin ya fito fili, sai wanda ya kasa gane fomula mai layi ɗaya ya zo da magani: a ɓoye kuɗin. Wato ciwon da rashin saninsa ya haifar, zai warkar da shi da karya doka, kuma kai ne za ka sa hannu, ba shi ba.

Ka duba abin da biya a hannu zai jawo maka. Kuɗin ƙarin lokaci albashi ne, a mafi yawan wurare haraji yana hawa kansa, kuma alhakin cirewa da miƙawa yana wuyan mai ɗaukar aiki. Idan mai bincike ya zo ya ga rajistar shiga da fita tana nuna awowin da jadawalin albashi bai san da su ba, kai za a nema da harajin da ba a cire ba, da tara, da kuɗin jinkiri. Kuɗin da ka fitar kuma ba shi da takarda, ba za ka iya lissafa shi cikin kuɗin da kamfani ya kashe ba. Ranar da kuka ɓata da ma'aikaci ya ce ba a taɓa biyansa ƙarin lokaci ba, rajistar tana bayansa, kai ba ka da komai. Shi ma ma'aikacin ya yi asara, domin takardar albashinsa za ta nuna samun da bai kai na gaskiya ba duk lokacin da ya je neman rance. Bayan duk wannan, fomular tana nan yadda take, tana ci gaba da cin 5,000 ɗin kowane wata. Ba a gyara komai ba, an dai rufe alamar da ta nuna akwai cuta.

Gyaran ba shi da wuya. Ka buɗe shafi na daban, ka sa masa suna `Saiti`, duk wani kaso da adadi ya zauna a can, kada a rubuta lamba ko ɗaya a cikin fomula. A `B1` ka sa awowin wata, `=40*52/12`. A `B2` ninkin ƙarin lokaci, `B3` kason fanshon ma'aikaci, `B4` na kamfani. Daga `A8` zuwa `A11` ka jera mafarin kowane mataki: 0, 50000, 150000, 300000. A gefensu, `B8` zuwa `B11`, kason kowanne. Sai layi na uku, `C8` zuwa `C11`, wanda shi ne sirrin: bambancin kason kowane mataki da na ƙasa da shi. A misalinmu sifili, kashi 10, kashi 10, kashi 5. Ka bar Excel ya lissafa shi: a `C8` ka sa `=B8`, a `C9` ka sa `=B9-B8` ka ja ƙasa zuwa `C11`.

A babban shafin kuma kowane ma'aikaci layinsa guda. `A` suna, `B` albashin asali, `C` alawus, `D` awowin ƙari. Sauran fomula ce:

```
E2  =B2/Saiti!$B$1
F2  =ROUND(D2*E2*Saiti!$B$2,2)
G2  =B2+C2+F2
H2  =ROUND(B2*Saiti!$B$3,2)
I2  =G2-H2
L2  =G2-H2-J2-K2
M2  =ROUND(B2*Saiti!$B$4,2)
```

`E` kuɗin awa ne, `F` kuɗin ƙarin lokaci, `G` jimilla, `H` fanshon ma'aikaci, `I` abin da haraji zai hau kansa, `K` sauran cire-cire kamar biyan bashi, `L` abin da zai karɓa, `M` fanshon da kamfani ke ƙarawa. Idan dokarku tana ba da wani rangwame kafin haraji, a `I` ake cire shi. Harajin kansa yana `J`:

```
=ROUND(SUMPRODUCT((I2>Saiti!$A$8:$A$11)*(I2-Saiti!$A$8:$A$11)*Saiti!$C$8:$C$11),2)
```

Abin da take yi shi ne, a kowane mataki tana tambaya ko kuɗin ya wuce mafarinsa. Idan ya wuce, ta ɗauki abin da ya wuce da shi ta ninka da ƙarin kason matakin. Ga 159,750: ya wuce 50,000 da 109,750, kashi 10 ya ba da 10,975. Ya wuce 150,000 da 9,750, ƙarin kashi 10 ya ba da 975. Bai kai 300,000 ba, nan sifili. An haɗa, 11,950, daidai da abin da muka samu da hannu. Idan kwamfutarka ta ƙi karɓar fomular, wataƙila saitinta na amfani da `;` a maimakon `,` wajen raba sassa. Alamar `$` kuma kada ka bar ta, ita ce ke hana teburin zamewa idan ka ja fomular zuwa layin ma'aikaci na biyu. Rashinta ne ke sa na farko ya fito daidai, na shida ya fito da shirme.

Kafin ka yarda da kowace fomular haraji, tawa ko ta wani, ka yi mata gwaji ɗaya. Ka rubuta adadi kaɗan ƙasa da layin mataki, sannan kaɗan sama da shi. A 149,900 ya kamata ka ga 9,990, a 150,100 ka ga 10,020. Bambancin 30 ne a kan ƙarin 200. Tsohuwar fomularka za ta yi tsalle daga 14,990 zuwa 30,020. Ka maimaita a kowane layi na teburin. Duk inda ƙarin haraji ya fi ƙarin kuɗin da ya jawo shi, fomula ce ta karye. Minti biyar ya ishi wannan gwajin, kuma da mai taimaka muku da takardu ya taɓa yin sa, da ba mu zo nan ba.

Akwai wani ƙaramin abu da zai rage ko bayan gyaran, gara ka san shi kafin ma'aikacin ya tambaye ka. Harajin samu a galibin ƙasashe na shekara ne, cirewar wata-wata kamar biya ne a kan hanya. Idan mutumin nan ya samu 148,500 a wata goma sha ɗaya, da 159,750 a wata guda, jimillar shekararsa 1,793,250 ce. Layin kashi 20 a shekara kuwa 1,800,000 ne, wato 150,000 sau 12. Ka ga a lissafin shekara bai taɓa matakin ba sam. Harajinsa na gaskiya 119,325 ne, amma cirewar wata-wata za ta tara 120,300. An wuce da 975. Wasu ƙasashen suna magance wannan da lissafin tarawa, inda kowane wata ake haɗa samu tun farkon shekarar haraji, a lissafa harajinsa, a cire abin da aka riga aka biya. Tsarin cire haraji daga albashi da Birtaniya ta fara a 1944 a kan haka aka gina shi. Wasu kuma sai ƙarshen shekara ake daidaitawa. Ka bi wanda hukumar harajinku ta tsara, amma ka riƙe shafi guda da ke tara jimillar kowane ma'aikaci daga farkon shekara, ba za ka iya daidaita komai ba idan babu shi. Ka lura dai da girman abin: 975 ne, kuma yana dawowa. Ba 20,000 ba ne.

Tunda ka buɗe jadawalin, ka duba gidan awowi ma. Excel yana ajiye lokaci ne a matsayin yanki na yini. Idan ka rubuta `10:00`, abin da ke ƙasa 0.4167 ne, kuma idan ka ninka shi da 750 da 1.5 za ka samu 468.75 a maimakon 11,250. Sai an ninka da 24 tukuna. Idan kana haɗa awowin wata kuma suka wuce 24, tsarin `h:mm` zai nuna awa 26 a matsayin `2:00`, sai ka sauya shi zuwa `[h]:mm`. Mai aikin dare da ya shiga ƙarfe goma ya fita shida na safe zai ba ka adadi ƙasa da sifili idan ka cire kai-tsaye, maganinsa `=MOD(C2-B2,1)*24` a shafin rajista, inda `B2` shiga ne, `C2` fita. Kuma 7.30 ba awa bakwai da rabi ba ne, 7.5 ne bakwai da rabi. Wanda ke rubuta minti bayan ɗigo yana cin minti goma sha biyu na ma'aikaci a duk rabin awa.

Fansho ba zan ja shi ba, abu biyu ne. Na farko, ka tabbatar da abin da doka ta ce a ɗora kason a kai, domin a wasu wuraren albashin asali ne kawai, a wasu har da wasu alawus, kuma ƙarin lokaci yana shiga a wani wuri, ba ya shiga a wani. Na biyu, gidan `M` ba ya cikin fomular `L`, kuma kada ya taɓa shiga. Kason kamfani ƙari ne a kan albashi, ba daga cikinsa ake yanka ba. A misalinmu 10,400 ne, ka haɗa da 6,500 na ma'aikaci ka tura 16,900 zuwa asusun fanshonsa cikin wa'adin da doka ta sa. Da shi da harajin da ka cire, daga ranar biyan albashi sun daina zama kuɗinka, ajiya ce a hannunka. Kada ka juya su a kasuwa da niyyar mayarwa wata mai zuwa.

Wannan ya ba ka gwaji na biyu, wanda za ka sa a ƙasan jadawali ya riƙa yin kansa kowane wata. Abin da ya fita daga asusun kamfani saboda wannan ma'aikacin shi ne jimillar albashi da fanshon kamfani, 166,250 da 10,400, wato 176,650. Wuri uku kuɗin ke zuwa: 147,800 ga ma'aikaci, 11,950 ga hukumar haraji, 16,900 ga asusun fansho. Ka haɗa su, 176,650. Idan akwai biyan bashi a `K`, shi ne na huɗu. Duk watan da ɓangarorin biyu suka ƙi haɗuwa, wani ya rubuta lamba da hannu a kan fomula, ko an ƙara layi ba a ja jimilla ta haɗa da shi ba. Sai dai ka sani wannan gwajin ba zai kama kuskuren haraji ba, domin harajin da ya yi yawa ma yana daidaita lissafi. Shi ya sa na farkon yake da nasa aikin.

Saura abin da ya wuce, kuma nan ne ba na so ka yi sanyin jiki. Ka ɗauki jadawalin kowane wata tun ranar da aka fara amfani da wannan fomular, ka sa sabuwar a gefen tsohuwar, ka fitar da bambancin kowane mutum wata-wata. Sannan ka duba abin da aka miƙa wa hukumar haraji a zahiri. Idan adadin da tsohuwar fomula ta cire aka miƙa, kuɗin ma'aikatan yana can, sai ka rubuta wa hukumar da teburin bambancin da rasit ɗin biya, ka nemi a gyara bayanan da ka shigar, a mayar ko a rage daga cirewar watanni masu zuwa, gwargwadon tsarinsu. Za su iya ja maka rai, su ce ka kawo wannan ka dawo da wancan, kuma irin wannan neman yana da wa'adi, don haka ka fara da shekarar da ake ciki wadda ta fi saurin gyaruwa, ka ajiye kwafin duk takardar da ka miƙa da shaidar an karɓa. Idan kuwa abin da aka miƙa bai kai abin da aka cire ba, to rarar tana hannun kamfani, kuɗin mutane ne, a mayar musu a albashin wannan watan a layi na daban mai sunansa, kada a cusa shi cikin alawus har a sake caja masa haraji. Ka kuma binciki inda rarar ta kwana duk wannan lokacin, da wanda ke zuwa biyan harajin.

Yarjejeniyar kare albashi ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1949 ta ce ba a cire komai daga albashi sai abin da doka, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata da masu ɗaukar aiki, ko hukuncin sasanci ya yarda da shi, kuma a sanar da ma'aikaci bayanin albashinsa. Abin da aka cire sama da haraji na gaskiya ba ya cikin abin da aka yarda da shi, ko da kuskure ne ya jawo. Don haka ka tara su shidan, ka nuna musu tsohon lissafi da sabo a takarda, ka fara da na wanda ya yi ƙorafin, ka ce masa shi ne ya gano. Daga wannan watan kowa ya karɓi takardar albashinsa da ke nuna awowin ƙari, kuɗin awa, jimilla, fansho, abin da haraji ya hau kansa, harajin kowane mataki a layinsa, da abin da ya rage. Bayan ka gama gwajin layukan, ka kulle gidajen fomula ta `Protect Sheet`, ka bar `B`, `C`, `D` da `K` kawai a buɗe, ka kuma rubuta a shafin `Saiti` ranar da ka ɗauko kowane kaso da takardar da ka ɗauko shi, domin ranar da aka sauya teburin haraji ka san gidajen da za ka taɓa.